Umarni ga Manhajar Ƙirƙirarriyar Basira: Aikin Bayani, Misali da Iyaka

Umarni shi ne rubutun da mutum yake shigarwa a manhajar ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, Gemini, Claude ko Meta AI da ke cikin WhatsApp, domin ta yi masa wani aiki: ta tsara wasiƙa, ta taƙaita rahoto, ta fassara saƙo ko ta jera lissafi. Ingancin amsar da ke fitowa ya rataya sosai a kan abubuwa uku da ake sanyawa a cikin umarnin. Na farko shi ne bayanin halin da ake ciki, na biyu misalin irin abin da ake so, na uku kuma iyakar da ba a son a tsallake. Kowane ɗaya yana toshe giɓi na daban, rashin kowanne kuma yana barin alama tasa a jikin amsar.

## Dalilin da ya sa umarni ke da tasiri

Injin da ke ƙarƙashin waɗannan manhajoji ana kiransa samfurin harshe. An horar da shi a kan tarin rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ya ƙware wajen hasashen gutsuren kalmar da ya fi dacewa ya biyo bayan abin da ya gabata. Da haka yake gina amsa, gutsure bayan gutsure. Abubuwa biyu kawai yake dogara da su: abin da ya koya lokacin horo, da abin da ke gabansa a cikin tattaunawar. Bai san mai tambaya ba, bai ga shagonsa ko ofishinsa ba, kuma bai ji abin da aka tattauna jiya a waya ba.

Saboda haka duk inda umarni ya bar giɓi, sau da yawa manhajar ba ta tsayawa ta yi tambaya. Cike giɓin take yi da abin da ya fi yawa a rubuce-rubucen da ta koya. Mafi yawan waɗannan kuwa da Turanci suke, kuma daga ƙasashen da yanayin kasuwancinsu ya sha bamban da namu. Tana iya sanin cewa layin dogo ya isa Kaura Namoda a 1929, ko cewa an ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, domin an rubuta waɗannan a wurare da dama. Amma ba ta da hanyar sanin nawa aka sayar da buhun wake a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis da ta wuce, ko irin amanar da ke tsakanin wani ɗan kasuwa da abokin cinikinsa.

Lamarin ya yi kama da na magatakardan da ke zaune a bakin kotu ko gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Komai ƙwarewarsa, idan aka ce masa kawai ya rubuta takardar neman bashi, abin da ya saba rubuta wa kowa zai rubuta. Bambancin shi ne magatakarda zai ɗago kai ya tambayi wa ake bi kuma nawa ne, ita kuwa manhaja takan ci gaba da rubutu kamar ta sani.

## Bayani: wasiƙar neman bashi

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwar hatsi da ke da rumbu a Kaura Namoda. Yana saro gero da wake daga yankin Birnin Tsaba a Ƙaramar Hukumar Zurmi da kuma kasuwar Shinkafi, yana aikawa kasuwar Dawanau a Kano. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba. Ya ba wani tsohon abokin cinikinsa buhu 40 na wake a kan naira 95,000 kowane buhu, jimilla naira 3,800,000. An biya shi 2,300,000, saura 1,500,000, kuma wa'adi ya wuce da mako uku. Yana bukatar kuɗin kafin kasuwa ta sake ci, amma ba ya son ya ɓata huldar da ta shekara goma.

Umarnin da mutane da yawa kan fara rubutawa bai wuce layi ɗaya ba:

> Rubuta mini wasiƙar neman biyan bashi.

Abin da yakan fito daga irin wannan shi ne takarda mai tsarin ofis, da guraben suna da adireshi da lambar rasit, wani lokaci ma da gargaɗin ƙarin kuɗin jinkiri ko ɗaukar matakin shari'a. Babu kuskure a nahawunta, amma ba ta dace ba. Aika irin wannan takarda ga dattijon da aka yi shekaru ana ciniki da shi a kan amana zai iya jawo asarar da ta fi bashin, ambaton ƙari a kan bashi kuma abu ne da ɗan kasuwa Musulmi ba zai so ya fito daga bakinsa ba.

Ga yadda umarnin yake idan aka saka bayani:

> Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kaura Namoda. Ina bin wani abokin cinikina da ke Dawanau naira 1,500,000, ragowar kuɗin wake buhu 40 da jimillarsu ta kama 3,800,000. Ya riga ya biya 2,300,000. Wa'adi ya wuce da mako uku. Ya girme ni, Alhaji nake kiransa, shekara goma muna ciniki bai taɓa cin amanata ba. Na tuna masa sau ɗaya ta waya, ya ce kaya ba su gama fita ba. Ina bukatar aƙalla rabin kuɗin kafin ranar Laraba domin in yi sari. Saƙon ta WhatsApp zan tura.

Kowace jimla a nan tana yanke wa manhajar wata shawara da da ta yi ta a kan zato. Ambaton shekaru da amana yana gyara murya, ya kawar da barazana. Ambaton cewa an taɓa tunatarwa yana hana saƙon ya fito kamar na farko. Uzurin da Alhaji ya bayar yana ba da damar a nuna an fahimci halinsa. Maganar rabin kuɗi tana sa saƙon ya ƙare da buƙata takamaimiya wadda za a iya amsawa da e ko a'a. Faɗin cewa ta WhatsApp za a tura kuma yana kawar da adireshi, kanun wasiƙa da sa hannu.

Bayani mai amfani yakan amsa tambayoyi huɗu: wa ke magana, wa zai karanta, me ya riga ya faru, kuma me ake son ya biyo bayan karantawar. Ta ƙarshen ce aka fi mantawa, alhali ita ce ke ba manhajar ma'aunin zaɓe tsakanin hanyoyi biyu. Akwai gwaji mai sauƙi: mutum ya tambayi kansa, da zai miƙa wannan umarni ga sabon yaron shago mai kaifin basira wanda ya fara aiki yau, zai iya yin aikin ba tare da ya dawo da tambaya ba? Idan zai dawo, amsar tambayar tasa ce ta rage a umarnin.

Yawan bayani ma yana da illarsa. Wani bincike da Nelson Liu na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa samfuran da suka gwada sun fi amfani da bayanin da ke farko ko ƙarshen dogon rubutu, suna yawan kuskure wanda aka binne a tsakiya. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma darasin yana nan. Idan za a liƙa doguwar takarda, a sa ta daban, a rubuta buƙatar a fili bayanta, kuma a cire abin da bai shafi aikin ba.

## Misali: mayar da rubutun kasuwa lissafi

Akwai abin da kwatanta shi da baki ke da wuya, amma nuna shi ke da sauƙi. A nan misali ke shigowa. A 2020 masu bincike na kamfanin OpenAI, ƙarƙashin jagorancin Tom Brown, suka wallafa bayani a kan samfurin GPT-3, inda suka nuna cewa idan aka sa 'yan misalai na tambaya da amsa a cikin umarni, samfurin yakan kama tsarin ya ci gaba da shi, ba tare da an sake horar da shi ba. Tun daga nan saka misalai ya zama ɗaya daga cikin manyan dabarun rubuta umarni.

Ɗan kasuwar Kaura yana da wakili da ke aiko masa da bayanin sari a taƙaice, irin rubutun da ake yi a tsaye cikin hayaniyar kasuwa. Yana son a mayar da su jeri mai tsari. Maimakon dogon sharhi, sai ya faɗi ma'auninsa, wato a lissafinsa buhu ɗaya tiya 40 ne, kuma lambar ƙarshe farashin buhu ce a dubbai, sannan ya nuna misali uku:

```
Shinkafi wake 12 na 88
Shinkafi | wake | buhu 12 | 88,000 | 1,056,000

B/Tsaba gero 5 da tiya 20 na 60
Birnin Tsaba | gero | buhu 5.5 | 60,000 | 330,000

Kaura dawa 8 ba a yi ciniki ba
Kaura Namoda | dawa | buhu 8 | babu farashi | babu jimilla
```

Ba a zaɓi misalan nan haka kawai ba. Na farko yana nuna tsarin yau da kullum: jerin ginshiƙai, da cewa 88 na nufin naira 88,000. Na biyu yana koyar da abu biyu a lokaci ɗaya, warware gajarcen suna da mayar da tiya 20 rabin buhu. Wannan yana da muhimmanci domin yawan tiya ko mudu a buhu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, har daga hatsi zuwa hatsi, kuma idan ba a faɗa ba manhajar za ta ɗauki wani adadi da kanta. Na uku shi ne mafi daraja, domin yana nuna abin da za a yi idan bayani bai cika ba. Da a ce duk misalan suna da farashi, manhajar za ta iya fahimtar cewa dole kowane layi ya ƙare da lamba, sai ta ƙirƙiro farashin dawa domin ta cike gurbin.

Matsalar misali ita ce ƙarfinsa ya yi yawa. Manhaja takan kwaikwayi abin da aka nuna mata fiye da yadda aka nufa. Idan aka ba ta wasiƙa ɗaya a matsayin misali, tana iya maimaita tsawonta, gaisuwarta, har da sunan kayan da ke cikinta. Alamar wannan ita ce a ga kalmomin misalin suna bayyana a inda ba su da hurumi, kamar wake ya faɗo cikin saƙon da ya shafi gyaɗa. Maganinsa shi ne a ba da misalai biyu zuwa biyar waɗanda suka bambanta a duk abin da ba a son a kwaikwaya, suka kuma yi daidai a abin da ake so, sannan a faɗa a fili cewa tsari za a ɗauka, ba kalmomi ba. Kuskuren da ke cikin misali ma yaɗuwa yake yi, don haka a duba lissafinsa kafin a shigar.

Misali ne kuma hanya mafi sauƙi ta daidaita Hausa. Manhajojin sun fi karkata ga daidaitacciyar Hausa, wani lokaci kuma Hausar tasu takan yi kama da fassara daga Turanci. Wanda ke son saƙonsa ya fito da harshen da aka saba ji a Zurmi ko Shinkafi, inda ake cewa wanga a maimakon wannan, zai fi samun biyan buƙata idan ya liƙa saƙo biyu da ya taɓa rubutawa da hannunsa. Haka ma wanda ke son a riƙa rubuta ƙ, ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, ya rubuta nasa umarnin da su.

## Iyaka: abin da za a yi da wanda ba za a yi ba

Iyaka ita ce sharaɗin da amsa za ta cika kafin a karɓe ta: tsawo, harshe, tsari, da abin da aka hana. A wasiƙar Alhaji, ɗan kasuwar zai ƙara da wannan:

> A rubuta da Hausa, cikin ladabi irin na ƙarami ga babba. Kada ya wuce jimla shida, domin a waya zai karanta. A fara da gaisuwa, a ambaci ragowar kuɗin sau ɗaya kawai. Ban da maganar kotu, hukuma ko ƙarin kuɗi, domin ina son ciniki ya ɗore. Kada a saka wata lamba ko rana da ban bayar ba. Idan akwai abin da ya rage, a tambaye ni kafin a rubuta.

Iyaka mai kyau ita ce wadda za a iya aunawa. Cewa a taƙaita ba ya nuna ko layi uku ake nufi ko shafi ɗaya, amma jimla shida abu ne da kowa zai ƙirga. Ƙidayar jimloli ko sakin layi ta fi ƙidayar kalmomi tabbas, domin samfurin ba kalma-kalma yake ganin rubutu ba, gutsattsari yake gani, shi ya sa idan aka ce kalma 100 yakan kawo abin da ke kusa da haka, ba daidai ba.

Haɗa iyaka da dalilinta yana ƙara mata ƙarfi. Da aka hana maganar kotu aka kuma faɗi cewa ana son ciniki ya ɗore, manhajar za ta guje wa wasu kalaman matsin lamba da ba a lissafa ba, domin ta gane manufar. Doka maras dalili kuwa takan bi ta a zahiri kawai: ta bar kalmar kotu, ta kawo maganar ɗaukar mataki. Haka kuma faɗin abin da ake so ya fi lissafa abin da ba a so. Cewa a rubuta da Hausar yau da kullum ya fi amfani a kan cewa kada a yi amfani da manyan kalmomi.

Sharuɗɗa biyu na ƙarshe su ne kariya daga babbar cutar waɗannan manhajoji, wato ƙirƙiro abin da babu shi cikin murya mai cike da tabbaci. Ba manhajar izinin ta ce ba ta sani ba, ko ta yi tambaya, yana rage wannan matsala sosai, ko da yake ba ya kawar da ita. Abin da za a kiyaye shi ne karon sharuɗɗa. Idan aka nemi cikakken bayani kuma aka ce a jimla biyu, manhajar za ta zaɓi ɗaya ta yi watsi da ɗaya ba tare da ta sanar ba. Inda sharuɗɗa suka yi yawa, a faɗi wanda ya fi muhimmanci.

## A teburin ma'aikacin gwamnati

Tsarin bai canza ba idan aka koma ofis. Ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma da ke son mayar da rubutun hannu na zama cikakken rahoton taro zai bayyana irin taron da wanda za a miƙa wa rahoton. Zai liƙa wani tsohon rahoto da shugaban sashensa ya taɓa amincewa da shi a matsayin misali, domin kowane ofis yana da salon da ya saba. Iyakarsa mafi muhimmanci ita ce kada a ƙara wata matsaya da ba ta cikin rubutun, kuma duk inda ba a ambaci wanda aka ɗora wa aiki ba, a bar gurbin a sa alama. Ba tare da wannan ba, manhajar tana iya rufe rahoton da shawarwari masu daɗin ji waɗanda babu wanda ya furta su a zaman, su kuma shiga fayil da sa hannun ma'aikacin.

## Gane abin da ya rage daga amsar

Amsa maras kyau takan nuna inda umarnin ya gaza. Idan ta fito gama-gari, irin wadda za ta dace da kowa a ko'ina, bayani ne ya yi ƙaranci. Idan abin da ke ciki daidai ne amma tsari ko murya ba su yi ba, misali ake bukata. Idan ta yi tsawo, ta shiga abin da ba a tambaya ba, ko ta kawo lambobin da ba a bayar ba, iyaka ce babu. Hanyar gyara ita ce a canza abu ɗaya a sake gwadawa, domin a san abin da ya yi aiki. Kuma da yake amsar umarni ɗaya kan ɗan bambanta daga gwaji zuwa gwaji, umarnin da za a riƙa amfani da shi kullum, irin na lissafin sari, ya kamata a jarraba shi sau uku ko huɗu a kan tsofaffin bayanan da aka riga aka san amsarsu.

## Abin da umarni ba ya iya gyarawa

Kyakkyawan umarni ba ya ba manhaja ilimin da ba ta da shi. Farashin yau, halin da hanya take ciki tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, ko ranar da aka ɗage wani zama, duk sai mai tambaya ya kawo su da kansa. Lissafi ma yana bukatar a bi shi da kalkuleta, domin samfurin harshe yana iya kuskuren ninkawa ko da tsarin jerin ya fito tsaf. Layi ɗaya da aka rubuta 1,065,000 a maimakon 1,056,000 ba zai ja ido ba, amma naira 9,000 ce ta shiga tsakanin mai kaya da wakilinsa.

Akwai kuma batun sirri. Abin da aka shigar a manhaja yana tafiya zuwa na'urorin kamfanin da ya mallake ta, yana kuma zama a tarihin tattaunawa a cikin wayar, inda duk wanda ta faɗa hannunsa zai iya karantawa. A yankin da matsalar tsaro ta sa tafiya da kuɗi ta zama abin ɓoyewa, bai kamata a rubuta cikakken suna, lambar asusu, ranar tafiya ko hanyar da za a bi ba. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san takardun da dokar aiki ta hana fitarwa. Umarnin wasiƙar Alhaji ya yi aikinsa ba tare da sunan kowa ba: abin da manhajar ke bukata shi ne irin dangantakar da ke tsakani, adadin kuɗi da manufar saƙon. Suna da lambar asusu kuwa, mai saƙon zai saka su da hannunsa bayan ya karanta abin da aka tsara, ya kuma tabbatar cewa maganar da zai iya faɗa wa Alhaji ce ido da ido.